Flash Fill ko fomula: wanne ya fi ciro kuɗi daga hargitsattsen gurbin Excel?

"Yarana a shago a Kantin Kwari suna cusa komai a gurbi ɗaya, kamar `Alh. Sani shadda yadi 5 N42,500`. Lambobin kawai nake so don in haɗa jimla. Flash Fill zan bi ko fomula?"

Alhaji, in aikin na yau ne kaɗai, Flash Fill ya wadatar. In rubutun yana gurbin A2, ka rubuta 42500 a B2, ka sauko B3 ka danna `Ctrl+E`, Excel zai kwaikwayi abin da ka yi har ƙasa. Yana cikin Excel tun na 2013. Sai dai hasashe yake yi, kuma ko an gyara farashi a A2 gobe, B2 ba zai motsa ba. Littafin da ake ƙara wa ciniki kullum, fomula ce ta dace da shi.

Wadda aka fi bayarwa ita ce wannan, tana aiki a Excel 2021 da 365:

```
=TEXTJOIN("",TRUE,IFERROR(MID(A2,SEQUENCE(LEN(A2)),1)*1,""))
```

Tana bin rubutun ɗaya bayan ɗaya, ta riƙe lamba, ta zubar da saura. A nan nake so ka kula sosai, domin ba ta san yadi ba, ba ta san naira ba. A gurbinka za ta manne 5 ɗin yadi da kuɗin, ta ba ka 542500. Rabin miliyan ya shigo lissafi ba tare da wani gargaɗi ba. In akwai kwabo kuma ɗigon zai faɗi, N42,500.50 ta koma 4250050. Abin da take fitarwa ma rubutu ne, shi ya sa za ka gan shi ya jingina hagu, `SUM` ya tsallake shi, sai an naɗe ta cikin `VALUE`.

Wasu a Google Sheets sukan ce a goge komai a bar lamba da ɗigo. Mu nan Kano wannan ma tarko ne, saboda ɗigon "Alh." zai tsira. A gurbinka .542500 za a samu, wato ƙasa da naira ɗaya.

Ni shawarata, kada ka nemi duk lambobin. Nemi wanda ke bin N kaɗai. A Google Sheets:

```
=VALUE(SUBSTITUTE(REGEXEXTRACT(A2,"N([0-9,.]+)"),",",""))
```

Wannan za ta tsallake 5, ta ɗauko 42,500, ta cire waƙafi, ta mayar da shi lambar da ake iya haɗawa, kwabo ma bai ɓata ba. Inda yaro ya manta N, ko ya bar fili tsakaninta da kuɗin, `#N/A` za ta nuna. Hakan alheri ne, don ka ga layin da ido ka gyara shi da hannu.

Kafin ka amince da jimlar, ka jera sakamakon daga babba zuwa ƙarami, ka gwada biyar na sama da biyar na ƙasa da rasit.