Mangwaro ko fiya: wanne zan saya wa Hajiya?

"Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Surukata za ta zo mana ranar Asabar, ni kuma ranar Alhamis kaɗai nake samun shiga kasuwar Sabon Gari. Mangwaro zan saya mata ko fiya? Ban iya gane nunanne ba, kullum sai na yi asara."

Wa alaikumus salam ƙanwata. Mangwaro za ki saya, domin shi yana gaya miki halin da yake ciki tun a hannun mai tire, ita kuwa fiya sai kin kai ta gida kin sa wuƙa sannan ki san abin da kika sayo.

Ni a wajen kawuna na koyi zaɓen mangwaro, Allah Ya jiƙansa. Yana da ɗan lambu a bakin kogin Galma, muna yara idan zafi ya kankama sai mu bi shi. Wata rana ya zube mana kwando ya ce kowa ya ɗauki ɗaya. Na yi wuf na ɗauki wani mai jan kumatu, kyakkyawa. Bai hana ni ba. Shi kuma ya laluba ya zaro wani kore, ya kai hanci, ya miƙo min ya ce in shinshina. Ƙamshi ya cika min kai. Da aka yanka, nawa fari ne a ciki da tsami mai kashe haƙori, nasa kuwa ruwan ɗorawa shar, zaƙinsa har yana bin gwiwar hannu. Ya ce da ni, "Ja aikin rana ne, 'yata, ba nuna ba ce." Gefen da ya kalli rana a kan bishiya shi ke yin ja, ko ɗan ya ƙosa ko bai ƙosa ba. Kuma akwai irin da har ya nuna bayansa kore yake zama. Tun daga ranar, launi shi ne abu na ƙarshe da nake dubawa.

Ki fara da hanci. Ki juya mangwaron ki shinshina daidai inda aka tsinko shi daga reshe, nan ƙamshinsa ke fita. Idan kin ji ƙamshi mai zaƙi, ya nuna ko yana dab. Idan ba ki ji komai ba, ɗanye ne. Idan kuwa kin ji wani tsami-tsami yana tashi kamar kunun da ya kwana, ya wuce, cikinsa ya fara lalacewa, ki ajiye ko da kyauta ne.

Sai hannu. Kada ki danna shi da babban yatsa kamar yadda mutane ke yi, wurin da kika danna zai yi tabo ya fara ruɓa daga nan, kuma zalunci ne ga mai kaya. Ki ɗora shi a tafin hannu ki ɗan matsa da yatsu gaba ɗaya. Wanda ya isa ci yau yana ɗan lotsawa a ko'ina daidai. Wanda gefe ɗaya ya yi laushi sosai, sauran jikin kuma da tauri, faɗowa ya yi ko an jefo shi da dutse, wurin bugun ne ya yi ruwa. Ki kuma duba kafaɗunsa, wato naman da ke kewaye da wurin tsinkar. Wanda ya ƙosa a bishiya kafaɗunsa a cike suke, sun ɗan taso. Wanda aka tsinko da wuri za ki gan shi a tsuke, kuma irinsa ko ya yi laushi a gida ba ya yin zaƙi.

Tunda kwana biyu ne tsakaninki da baƙuwarki, kada ki ɗauki na ci yau. Da zafin Zariya na watan Afrilu, mangwaron da ya yi laushi ranar Alhamis kafin Asabar ya lugwigwice. Ki zaɓi mai cikakkiyar kafaɗa, mai ɗan ƙamshi kaɗan, wanda da ƙyar yake amsa matsi. Idan goma za ki saya, ki sa takwas irin wannan, biyu nunannu domin ku ɗanɗana a daren nan ki san zaƙin kayan. A gida ki fitar da su daga leda nan take, ki jera a faranti a inuwa, kada su hau kan juna. Ranar Juma'a da yamma ki sake taɓawa. Wanda ya yi daidai ki sa a firji idan akwai wuta, wanda ya rage da tauri ki sa shi cikin kwali tare da ayaba nunanniya ya kwana. Idan kin samu Binta Suga mai kyau, ita zan ce ki ɗauka. Ki kauce wa mai yawan zare, yana shiga haƙori, dattawa ba sa jin daɗinsa.

Idan ruwan sama ya riga ya sauka kuwa, ki ƙara sa ido. Lokacin ne tsutsa ke yawa a mangwaro. Ɗan ɗigo baƙi kamar hudar allura da laushi kewaye da shi, ƙuda ne ya saka ƙwai a wurin.

Fiya ba na cewa ba ta da daɗi, a burodi tana da garɗi idan an dace. Amma bara na sayi guda shida a bakin hanya, biyu kawai muka ci. Biyu sun yamushe ba su taɓa nuna ba, cikinsu kamar roba, saboda an tsinko su ba su ƙosa ba. Biyu kuma waje lafiya, ciki baƙi. Fiya ba ta nuna a kan bishiya sai an tsinko ta, ba ta da ƙamshin da zai taimake ki, launin ma ya danganta da iri: wata tana komawa ja mai duhu, wata har ta ruɓe koriya ce. Mai tauri takan ɗauki kwana huɗu zuwa mako, ke kuwa kwana biyu gare ki. Idan dole sai kin haɗa da ita, ki ɗauki mai nauyi a hannu wadda ta fara lotsawa kaɗan, ki leƙa wurin ɗan karan da ke samanta. Kore ko ruwan ɗorawa lafiya, baƙi ko mai funfuna ki bar ta. Kada ki sa ɗanya a firji, sanyi yana hana ta nuna.

Ba ki tambaya ba amma dole in faɗa miki: akwai masu nuka mangwaro da kabayid, sinadarin nan na masu walda, kuma hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa saboda illarsa ga lafiya. An fi yi a farkon kaka, lokacin da kaya ke tsada. Idan kika ga tire guda duk sun yi ruwan ɗorawa iri ɗaya, jiki da tauri, babu ƙamshi ko kaɗan, wani lokaci har da ɗan gari kamar toka a jikin ɓawon, ki wuce. Ba kowane mai sayarwa ba ne, da yawansu masu amana ne, wasu ma haka suka saro ba su sani ba. Sai kuma masu jera manya a saman kashi su ɓoye masu tabo a ƙasa. Ki zaɓa da hannunki ɗaya bayan ɗaya, ki ce a yanka miki guda daga cikin waɗanda kika ware, ba wanda aka riga aka yanka aka ɗora a sama ba, ki biya kuɗinsa. Kin isa gida ki wanke su sosai, ki fere ɓawon kafin ki kai wa Hajiya.

Allah Ya kawo ta lafiya, ki gaishe mana da ita.