Gargaɗi kan mai gyaran hoton da ya ci mini naira dubu 60 a Legas

Naira dubu 60 na biya, dubu 35 kafin alƙalami da dubu 25 bayan ya ce ya gama, kuma har yanzu ina jin kunyar faɗa. Aikin ba wani mai yawa ba ne. A hoton iyali da aka ɗauka a walimar auren ƙanwata a Agege, kowa ya fito da kyau sai Baba da ya runtse ido, shi ne na nemi a ɗauko kansa daga wani hoton na wannan rana a ɗora, domin mu buga babba mu rataye a falo. Mutumin da aka haɗa ni da shi ya ce mini, "Alhaji, ko kai da ka ba da aikin ba za ka gane inda na taɓa ba." Wannan maganar ce take ta dawo mini a rai, domin a kanta na tura kuɗin.

Ba wai ban duba ba ne, na duba. Ya turo hoton ta WhatsApp, na kalla a waya, Hajiya ma ta kalla ta sa albarka, na tura cikon dubu 25 a daren. Abin da ban ɗauka da muhimmanci ba shi ne ƙaramin kwafi ya turo, mai faɗin ɗigo 1600 kacal, wanda a tafin hannu yake ɓoye kowane aibi. Ya yi alkawarin turo babban washegari, kuma yau kwana 12 ke nan wayarsa a kashe. Kafin ma na biya cikon na tambaye shi babban, ya ce network ne ba shi da kyau, ni kuwa na yarda.

Asirin ya tonu ne a Shomolu, inda na kai a buga. Mai ɗab'in ya buɗe hoton a kwamfuta, ya zuƙo shi zuwa 200%, ya bi gefen fuskar Baba a hankali daga kunne zuwa haɓa. Sai ga wani siririn layi mai haske ya zagaye hula da gemu, ragowar farin bangon da aka yanko kan daga jikinsa. Fuskar kuma sumul take kamar an goge ta da guga, alhali fuskokin da ke kusa da ita duk suna da ɗan tsakin da kyamara ke bari idan haske ya yi ƙaranci.

Daga nan ya juya hoton, dama ta koma hagu, da Flip Canvas Horizontal. Ya ce ido yana sabawa da abin da ya daɗe yana kallo har ya daina ganin karkata, amma da an juya sai ya kalle shi kamar baƙo. Wallahi nan take na ga kan Baba ya fi kafaɗunsa girma, ya kuma ja gefe guda, bai zauna a tsakiyar wuyan rigar ba. Na yi kwanaki ina kallon hoton nan ban gani ba, sai a cikin daƙiƙa biyu.

Gwaji na ukun shi ya fi ƙona mini rai. Ya sauke Saturation zuwa -100, hoton ya koma baƙi da fari, babu sauran launin da zai ruɗi ido sai haske da inuwa. Fuskar Baba ta fi wuyansa da hannayensa haske nesa ba kusa ba, domin an ɗauko ta daga hoton da aka yi a waje cikin rana, an manna ta a hoton cikin zaure. Kowa a hoton hasken taga yana dukansa daga hagu, shi kaɗai nasa daga dama yake, kuma ƙarƙashin haɓarsa babu inuwar da ya kamata ta sauka a kan wuya. Mai ɗab'in ya ƙara da cewa baƙi da fari ba ya nuna saɓanin launin fata, sai an dawo da launin an gwada goshi da bayan hannu. Da muka gwada, goshin ya ja zuwa ja, hannun kuwa zuwa rawaya.

Duk binciken nan bai kai minti biyar ba, kuma a dubu 60 ɗin da na biya ko ɗaya daga ciki mutumin bai yi ba, ko kuma ya yi ya gani ya turo mini ƙaramin da gangan, wanda shi na fi zato. Ina da rasit ɗin banki na dubu 35 da na dubu 25, da saƙonsa na murya, da hotunan allon da na ɗauka a Shomolu, kuma zan wallafa su duka da zarar na rufe fuskokin iyalina.

Kada ku biya ciko sai an turo cikakken hoton a matsayin Document, kun zuƙo, kun juya, kun cire launi. Ni dai har yanzu ban gaya wa Baba dalilin da bangon falon yake wayam ba.