Giɓin kuɗin dizal da giɓin kuɗin haya a injin casar shinkafa

"Ina riƙe wa kawuna lissafin injin casa a Argungu. Mun tsara buhu 1,000 a awa 200, dizal da giris naira 5,000 kowace awa, haya da albashin maigadi 1,200,000. Muka sami buhu 900 a awa 190, dizal da giris suka ci 1,045,000, haya da albashi 1,230,000. Ina kuɗin suka zurare?"

Ɗan'uwa, kuɗaɗen nan iri biyu ne, kuma ba da mudu ɗaya ake auna su ba. Dizal da giris suna bin awannin da inji ya yi. Haya da albashi kuwa suna nan daram, ko an casa ko ba a casa ba.

Fara da masu bin inji. Awa 190 a kan 5,000 ya kamata su ci 950,000, sai ga 1,045,000. Wannan 95,000 giɓin kashewa ne. Ko dai lita ta yi tsada, ko janareta na sha fiye da ƙima, ko wata jarka ta bi dare. Rasit zai raba maka gardama: in farashin lita bai motsa ba, yawan litar ne ya ƙaru.

Sai giɓin ƙwazon aiki. A tsarinku inji na fitar da buhu 5 a awa, don haka buhu 900 awa 180 suke bukata. Kun yi 190. Awa 10 sau 5,000, wato 50,000. Kada ka nemi dalilinsa a gidan mai, lokaci ne ya salwanta. Ka duba ko shansherar ta zo da danshi tana toshe inji, ko bel ya saki yana sulɓewa. Haɗa biyun, 145,000 ke nan.

Tsayayyun kuɗi ba sa biyo awa, don haka giɓin kashewarsu ragi ne kawai: 1,230,000 a cire 1,200,000, saura 30,000. Tambayi kawu me aka ƙara.

Inda nake so ka nutsu shi ne giɓin yawan kaya. Da kuka raba 1,200,000 a kan buhu 1,000, kowane buhu ya ɗauki 1,200. Buhu 900 sun ɗauke 1,080,000, aka bar 120,000 babu buhun da zai goya su. Wannan adadi ya fi kowanne daga cikin giɓi ukun farko girma, amma ko sisinsa bai fita daga aljihu ba, domin hayar da kuka tsara ita ce dai. Abin da yake nunawa shi ne kun biya kuɗin wurin da zai casa 1,000, kuka casa 900. Na ga an tsare maigadi da direban inji a kan irin wannan lamba, abin ya dame ni ƙwarai, alhali shanshera ce ta yi ƙaranci kafin girbin rani. Mai sayo kaya da mai nemo kwastoma su za a zauna da su a kansa.