DATE ko TIMESTAMPTZ: inda kwana ɗaya ke ɓacewa a rajistar masu Umra

"Salamu alaikum 'yan uwa. Ni ke riƙe da rajistar masu Umra a wani ofishi a Jidda, da PostgreSQL da JavaScript muke aiki. An ce in mayar da komai UTC, na yi. Yanzu wanda fasfonsa ya ce 1 ga Maris 1985, katinsa na fitowa da 28 ga Fabrairu. Tsakanin DATE da TIMESTAMPTZ, wanne zan riƙe?"

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Duka biyun za ka riƙe, amma kowanne da gurbinsa. Shawarar UTC ɗin, wato agogon bai-ɗaya na duniya, daidai ce, sai dai an ɗora ta a kan abin da ba shi da awa.

DATE rana ce zalla, kamar yadda take a kalandar bango: shekara, wata, rana. Ranar haihuwa da ranar ƙarewar fasfo nan ne gidansu, domin 1 ga Maris ɗin da ke jikin fasfo ba ta sauyawa ko a Kano aka buɗe shi ko a Makka. TIMESTAMPTZ kuwa na abin da ya auku ne a wata daƙiƙa, kamar saukar jirgi ko biyan kuɗi. PostgreSQL na adana shi da UTC, sai wajen nunawa ya juya shi zuwa agogon mai dubawa.

Ga yadda kwanan naka ya salwanta. Da aka shigar da ranar, manhaja ta liƙa mata ƙarfe 12 na dare da agogon Saudiyya, wanda ke gaban UTC da awa 3. A cire awa 3 daga farkon 1 ga Maris, an koma jiya ke nan:

```
new Date(1985, 2, 1).toISOString()
// 1985-02-28T21:00:00.000Z
```

Daga nan wani ya yanko haruffa 10 na farko ya buga a kati. Duba wutsiyar bayananka za ka gane: `21:00` na nufin a Saudiyya aka shigar, `23:00` kuma daga Najeriya, wadda ke gaban UTC da awa 1.

Wajen gyara, don Allah kada ka ce bari ka ƙara awa 3 a kan kowa ka huta. Za ta yi maka aiki a kan matasa, ta ci amanarka a kan dattawa. A kundin yankunan lokaci na IANA, kafin 14 ga Maris 1947 agogon Riyad na gaban UTC da awa 3 da minti 6 da daƙiƙa 52. Saboda haka Hajiyar da aka haifa a 1945 za ka iya samun tata da `20:53:08`, kuma ko an ƙara awa 3 tana nan a 23:53 na jiya. Bar wa sunan yankin ya yi lissafin, a nan `haihuwa` shi ne tsohon gurbin ranar haihuwa:

```
(haihuwa AT TIME ZONE 'Asia/Riyadh')::date
```

Wannan zai daidaita har waɗanda aka shigar daga Kano, tunda `23:00` za ta faɗa ƙarfe 2 na daren ranar da ake nema. Zuba sakamakon a sabon gurbi na DATE, ka gwada shi da fasfo kamar 20, har da na tsofaffi, kafin ka goge tsohon. A ɓangaren JavaScript kuma ka riƙe ranar a matsayin rubutu, `1985-03-01`. Ka kula, laburaren `pg` mai haɗa JavaScript da PostgreSQL na mayar da DATE zuwa `Date` da agogon na'ura in ba a hana shi ba, cutar ta dawo ta bayan gida. Wannan tsarin shekara-wata-rana na ISO 8601 shi za ka nema daga wakilanku ma, domin 03/01/1985 wani Janairu zai karanta, wani Maris.

Shi ma TIMESTAMPTZ yana da nasa tarkon. Jirgin da ya sauka Jidda ƙarfe 1:30 na dare ranar 10 ga Maris, a UTC 22:30 ne na ranar 9. In ka ƙirga baƙin kowace rana da UTC, duk wanda ya sauka tsakanin 12 da 3 na dare ya shiga lissafin jiya. Sai ka fara juyawa zuwa `Asia/Riyadh` sannan ka ƙirga.

In kuna karɓar baƙi daga Sudan, sunan yanki za ka adana, `Africa/Khartoum`, kada ka rubuta `+02:00` da hannu. Daga Janairun 2000 Sudan na kan awa 3 gaban UTC, sai 1 ga Nuwamba 2017 ta koma awa 2, don haka rasit ɗin 2016 da na 2018 ba lissafi ɗaya ke fitar da su ba.