Ƙamus, littafin nahawu ko malami: me ya kamata mai koyon rubutun ilimi da Indonusiyanci ya fara nema?

Ɗalibin da ya tafi Indonusiya karatu, ko da tallafin KNB na gwamnatin ƙasar ko da kuɗin gidansu, yakan iya ciniki a kasuwa da hira da abokai cikin 'yan watanni. Wahalar tana zuwa ne ranar da aka ce ya rubuta takarda da harshen. Sai ya tsara tunaninsa da Turanci, ya bi kalma-kalma yana juyawa, malami kuma ya dawo masa da takardar da kalma ɗaya a gefe: *kaku*, wato rubutun ya sandare. Daga nan ake fara neman abin saya. Wani ya ce ƙamus, wani ya ce littafin nahawu, wani ya ce a biya mai gyara. Kafin a fitar da ko rupiya ɗaya, ya kamata a ga inda ciwon yake, domin shi zai nuna maganin da ya dace.

Ga jimla irin wadda ake samu a kowace takardar bincike: *It is important to note that the results of this study were obtained from a school where many students do not have access to the internet.* Sabon ɗalibi zai juya ta haka:

*Ini adalah penting untuk mencatat bahwa hasil-hasil dari studi ini telah diperoleh dari sebuah sekolah di mana banyak siswa-siswa tidak mempunyai akses ke internet.*

Babu kalma ɗaya a nan da za a rasa a ƙamus. Amma ɗan ƙasa mai iya rubutu zai ce:

*Perlu dicatat bahwa hasil penelitian ini diperoleh dari sekolah yang banyak siswanya tidak memiliki akses internet.*

Kalmomi 24 sun koma 16, ma'ana kuwa ba ta ragu ba. Abin da aka zubar duk kayan Turanci ne. Turanci ba ya yarda jimla ta tashi ba tare da wani abu ya tsaya a gaban aikatau ba, ko da abin ba ya nufin komai, shi ya sa yake buɗewa da *it is*. Indonusiyanci ba ya buƙatar wannan, don haka *ini adalah penting untuk mencatat* ya zama *perlu dicatat* kawai. Ita ma *adalah* aikinta haɗa suna da suna ne, kamar a wajen ba da ma'anar abu. A gaban sifa irin *penting* nauyi kawai take ƙarawa. Maimaita suna don nuna jam'i, kamar *hasil-hasil*, ba dole ba ne in an riga an gane, kuma bayan *banyak* ko *para* ko adadi kuskure ne kai tsaye. Aikatau ba ya sauya siffa saboda lokaci, saboda haka ba a manna *telah* duk inda Turanci ya nuna abu ya wuce. *Sebuah* ba ita ce madadin *a* a ko'ina ba, haka *dari* ba ita ce madadin *of* ba.

Babban laifin shi ne *di mana*. Asalinta kalmar tambaya ce, ma'anarta “a ina”, kuma masana harshen sun daɗe suna hana amfani da ita, ita da *yang mana*, wajen ɗaure jimla da jimla. A madadinta ana sa *yang*, ko *tempat* in wuri ake nufi, ko a raba jimlar biyu. A nan Bahaushe yana da sa'ar da bai san da ita ba. *Sekolah yang banyak siswanya* gininta ɗaya da “makarantar da ɗalibanta da yawa”, inda *-nya* ke aikin “-ta”. *Hasil penelitian ini* kuwa jerinta ɗaya da “sakamakon binciken nan”. Sau da yawa wanda ya yi tunanin jimlar da Hausa ya fi kusa da daidai a kan wanda ya ratsa ta Turanci. Ba kullum ba dai: “mu” ɗaya muke da ita, su kuwa suna da *kami*, wadda ba ta haɗa da mai karatu, da *kita*, wadda ta haɗa da shi. Wanda ya rubuta *kita mewawancarai* ya sa mai karatu cikin waɗanda suka yi hirar.

To, da wannan jimlar a hannu, sai a auna kayan da ke kasuwa.

Ƙamus shi ne abin da kowa yake fara saya, kuma shi ne mafi ƙarancin amfani ga wannan matsalar. Ƙamus ɗin Turanci zuwa Indonusiyanci na John Echols da Hassan Shadily, wanda Gramedia ke bugawa, amintacce ne, ana kuma samunsa a kusan kowane kantin littattafai. Sai dai aikinsa ya ba ka kalma a madadin kalma, wanda shi ne ainihin halin da ake son rabuwa da shi. A jimlarmu ta sama, da wuya ya gyara ko wuri ɗaya. KBBI, babban ƙamus na hukumar harshe ta ƙasar, Badan Bahasa, wanda ya fara fitowa a 1988, kyauta ne a intanet, kuma ya fi amfani, domin yana nuna ko kalma *baku* ce, wato karɓaɓɓiya a rubutu: *analisis* ba *analisa* ba, *praktik* ba *praktek* ba. Haka ƙa'idojin rubutu na EYD, bugu na biyar na 2022, su ma kyauta ne. Su za su koya maka cewa *di* mai nuna wuri ana raba ta da kalma, *di sekolah*, ta aikatau kuma ana haɗe ta, *diperoleh*. Duka biyun a riƙe su a waya. Amma kada a sa ran za su koyar da ginin jimla.

Littafin nahawu ya fi kusa da ciwon. Akwai biyu da suka cancanci a duba. *Tata Bahasa Baku Bahasa Indonesia*, wanda bugunsa na huɗu ya fito a 2017, shi ne na hukuma, shi malamai ke kafa hujja da shi, amma da Indonusiyanci aka rubuta shi kuma don masu harshen, saboda haka sabon shiga zai sha wuya. Na James Sneddon, wanda ya fara fitowa a 1996, da Turanci yake bayani, don baƙi aka yi shi, sai dai littafin waje ne, kuɗinsa ya fi na gida nesa. A ganina a duba ɗakin karatun jami'a kafin a saya, domin abin da ake buƙata cikin gaggawa babi biyu ne: na *yang*, da na jimlar da ake gabatar da abin da aka yi wa aiki. Wannan na biyun shi ne ƙashin bayan rubutun ilimi a can. Inda Bature zai ce mun tattara bayanai, su sun fi son *data dikumpulkan*, an tattara bayanai. In kuma mai aikin “mu” ne ko “ni”, ana cewa *data yang kami kumpulkan*, ba *data yang kami mengumpulkan* ba. Wannan kuskuren na ƙarshe kusan kowane baƙo yana yinsa, kuma bayanin shafi biyu yana kashe shi. Iyakar littafin nahawu ita ce, zai gaya maka abin da ya halatta, ba zai gaya maka abin da aka saba faɗa ba. *Mengambil tempat*, fassarar *take place* kalma-kalma, ba ta karya wata doka, amma in ana nufin abu ya gudana, *berlangsung* ake cewa.

Abin da ke cike wannan giɓin ba a sayar da shi, kuma shi na fi ba wa ƙarfi. Mujallun ilimi na Indonusiya da yawa suna buga taƙaitaccen bayanin kowace maƙala da harsuna biyu, ana kuma samunsu kyauta a Garuda, rumbun mujallun ƙasar na intanet. A zaɓi maƙalu a fanninka, a karanta na Indonusiyancin, a buɗe littafin rubutu ana kwafe jimloli bisa aikin da suke yi, ba bisa kalmar Turancin da suka yi kama da ita ba. Shafi ɗaya na bayyana manufa: *penelitian ini bertujuan untuk*. Shafi na sakamako: *hasil penelitian menunjukkan bahwa*. Shafi na kammalawa: *dengan demikian*, *dapat disimpulkan bahwa*. Idan ka zo rubuta taka, daga wannan littafin za ka ɗauko ginshiƙin jimlar, sannan ka zuba naka bayanin.

Hanyar tana da tarko guda, kuma babba ne. 'Yan ƙasar ma suna rubuta *di mana* irin ta Turanci, har su haɗe ta *dimana*, suna kuma rubuta *dalam penelitian ini membahas*, jimlar da ba ta da mai aiki. Daidai shi ne *penelitian ini membahas* ko *dalam penelitian ini dibahas*. Ganin abu a mujalla ba hujja ba ce. Don rage haɗarin, a duba matsayin mujallar a SINTA, inda ake jera su daga 1 zuwa 6, na 1 ne sama, a kuma fi dogara da mujallun harshe da adabi wajen salo, tun da editocinsu sun fi tsanani a kan irin wannan. Duk jimlar da ta yi maka wani iri, a koma da ita ga littafin nahawu.

Sai ajin BIPA, wato darasin Indonusiyanci don baƙi. Matakansa bakwai ne, kuma littattafan *Sahabatku Indonesia* ana sauke su kyauta. Matakan farko na gaisuwa ne da saye da sayarwa da tambayar hanya. Rubutun ilimi sai can sama. In za a biya kuɗin aji, a tambaya tun farko ko ana ba da aikin rubutu ana kuma gyarawa a dawo da shi. In amsar a'a ce, ajin zai gyara bakinka ne, ba alƙalaminka ba.

Mai gyara ko malami na kai da kai shi ne mafi tsada, kuma nan ne kuɗi ya fi saurin zubewa a banza. Wanda zai karɓi takardarka ya dawo da ita tsaf ba tare da ka ga abin da ya taɓa ba, takarda ɗaya ya gyara, ta gaba haka za ta fito. Kafin ku yi ciniki, ba shi shafi guda ya gwada, ka roƙi ya bar alamar kowane gyara. Ka saka masa *di mana* ɗaya da *banyak siswa-siswa* ɗaya a ciki da gangan. In ya tsallake su, wuce shi. In ya kama su amma bayaninsa bai wuce “haka ya fi daɗi” ba, zai yi gyaran ƙarshe amma ba zai koyar ba. Ɗalibin sashen harshen Indonusiya a jami'arku, wanda ke son gyara Turancinsa, sau da yawa ya fi dacewa, kuma ana iya yin musaya ba kuɗi.

Ga wanda aljihunsa bai da nauyi, jerin da zan bi shi ne KBBI da EYD a waya tun ranar farko, littafin kwafe jimloli tun makon da aka fara karanta maƙalu, babi biyun nan na nahawu daga ɗakin karatu, kuɗin kuma a adana wa mai gyara har lokacin rubuta *tesis*. Kafin a kai masa ma, a sa kwamfuta ta nemo kalmomi biyar a cikin takardar: *di mana*, *adalah*, *dari*, *sebuah*, *telah*. A cire *adalah*, *dari*, *sebuah* da *telah* ɗaya bayan ɗaya, a karanta jimlar da ƙarfi. In ma'ana ba ta canja ba, a bar ta a cire. *Di mana* kuwa, in ba tambaya take yi ba, a sake gina jimlar da *yang* ko *tempat*, ko a raba ta biyu.