Ruwa ko itanol: wanne ya dace da tsarkake benzoyik asid?

"Assalamu alaikum. An ba ni giram 2 na benzoyik asid mai datti, an ce in tsarkake shi ta hanyar narkar da shi, ya sake fitowa a matsayin kiristal. Na ga itanol yana narkar da shi nan take, ruwa kuwa sai an sha wahala. Shin ba itanol ne ya fi ba?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ruwa ne ya dace da wannan aiki, kuma abin da ya burge ka game da itanol shi ne ainihin aibinsa. Ana neman abin da zai narkar da sinadarin sosai idan ya tafasa, amma ya kasa riƙe shi idan ya huce, domin a wannan tazara ce kiristal yake fitowa, dattin kuma ya zauna a cikin ruwan.

Mililita 100 na tafasasshen ruwa yana ɗaukar kusan giram 5.6 na benzoyik asid, amma idan ruwan ya yi sanyin ƙanƙara, giram 0.17 kawai yake iya riƙewa. Ke nan giram 2 ɗinka yana buƙatar kusan mililita 36, mu ce 40 don kada ya daskare a kan takardar tacewa. Bayan an sanyaya, abin da zai saura a cikin ruwan bai wuce giram 0.07 ba, saboda haka a lissafi za ka iya samun kusan giram 1.9, kodayake a aikace wani abu yakan maƙale a jikin kwalba. Itanol kuwa, ko ba a ɗora shi a wuta ba, giram 100 nasa yana narkar da fiye da giram 40, don haka 'yan mililita kaɗan za su shanye samfurinka duka, ka sanyaya ka yi ta jira, abin da zai dawo bai taka kara ya karya ba.

Ruwan ma yana da nasa sharuɗɗa. Ka riƙa zuba shi kaɗan-kaɗan yana tafasa, da zarar farin garin ya ɓace ka ƙara ɗan kaɗan saboda tacewa ka tsaya, domin duk mililitar da ka ƙara tana tafiya da nata kason. Kada kuma ka daɗe kana tafasawa, saboda benzoyik asid yana bin tururi. Idan ya narke, ka tace shi da zafinsa, ka ajiye kwalbar ta huce a hankali ba tare da girgizawa ba, za ka ga farare, siraran kiristal kamar allurai suna miƙewa daga gefe. Sai ta huce sarai za ka sa ta cikin ƙanƙara, kuma a lokacin zafi irin namu wannan mataki ba abin tsallakewa ba ne, tunda ko a digiri 25 ruwan yana riƙe ninki biyu na abin da yake riƙewa a ƙanƙara. Wanda ya yi gaggawar sanyayawa gari yake samu mai laushi, da datti a kulle cikinsa.

Inda itanol ya fi shi ne bushewa, domin yana tafasa a digiri 78, ruwa kuwa yana daɗewa a jikin kiristal. Tsarkakakken benzoyik asid yana narkewa da zafi a digiri 122. Idan naka ya fara a 116 ya ja har 120, ko dai da sauran datti, ko kuma bai bushe ba, kuma ni na fi zargin na biyun kafin na farko.

Da naftalin aka ba ka, da hukuncin ya juya. Ruwa ba ya ɗaukarsa ko ya tafasa, kuma tunda zafi kaɗai yana narkar da shi a digiri 80, ɗigo-ɗigo zai zama kamar mai, ya daskare da dattinsa. A nan itanol ne gwani, sai dai a ɗumama shi cikin ruwan zafi, nesa da harshen wuta, saboda yana kamawa.

Duk sinadarin da ba ka sani ba, ka gwada kafin ka zuba samfurinka duka. Ka sa giram 0.1 a kwalbar gwaji da mililita 1 na abin narkarwar. Idan ya narke da sanyi, ka ajiye wannan gefe. Idan ka tafasa, ka ƙara har mililita 3 bai narke ba, shi ma ka bar shi. Wanda ya narkar da zafi, kiristal kuma ya fito da aka sanyaya, da shi za ka yi aiki. In kiristal ɗin ya yi nawa, ka kankare cikin kwalbar da sandar gilashi kafin ka yanke hukunci.