Sharhina kan shafin History na Jira, bayan wani aiki ya kwana 19 a wuri guda

Na daɗe ina amfani da Jira, manhajar bin diddigin ayyukan tawaga, amma shafin History ban taɓa ba shi muhimmanci ba sai da aka tambaye ni a taro me ya sa wani gyara bai fita ba har yanzu. Na duba katin aikin, yana ƙarƙashin In Review, gurbin Updated kuma ya nuna an taɓa shi shekaranjiya. Har na buɗe baki zan ce ai ana kansa, sai na ce bari dai in leƙa.

Shafin yana cikin sashen Activity, kusa da Comments. Kowane layi yana ba ka sunan wanda ya yi canjin, da lokacin, da abin da ke gurbin a da, da abin da ya koma. Na fara daga mafi tsufa. Ranar 3 ga wata mai gyaran ya ɗauke aikin daga In Progress zuwa In Review, ya sa sunan mai dubawa. Washegari aka cire sunan mai dubawar daga Assignee, wato gurbin wanda aikin ke hannunsa, ba a sa kowa a madadinsa ba. Daga nan Status bai sake motsi ba. Layukan da suka biyo baya na gurbin Sprint ne kawai, wato zangon aiki ya ƙare sau biyu, katin yana bin ayari zuwa zango na gaba. Wannan ne ya sabunta Updated har ya ruɗe ni. Ashe tun ranar 3 aikin ke zaune, tun ranar 4 kuma ba shi da mai shi.

A nan ne mutum zai iya ɗaukar alhakin wani. Sunan shugabar tawagarmu ne ya fito a layukan ƙarshe, amma ita zango kawai ta rufe, ko buɗe katin ba ta yi ba. Kafin ka nuna wa wani yatsa, duba wane gurbi ne ya canza. Haka in ka ga Automation for Jira a wurin suna, wata ƙa'ida da aka saita ce ta motsa shi.

Shafin ba ya faɗin dalili. Sai da na tambayi wanda ya cire sunan, ya ce mai dubawar hutu ya tafi, shi kuma ya yi niyyar sa wani ya manta.

Yanzu duk Litinin ina sa wannan a wurin bincike na JQL, wato yaren binciken Jira:

```
status = "In Review" AND NOT status CHANGED AFTER -14d
```

Yana fito da duk aikin da ya yi mako 2 yana jiran dubawa, ko da an taɓa shi jiya. Ranar farko ya tono mana wasu guda 3.